Kundin labari: inda marubuci yake ajiye abin da ya riga ya faɗa

Kaɗan ne daga cikinmu suke da watanni shida na kansu da za su zauna su rubuta littafi. Ma'aikaci a Gusau yana rubutu ne bayan Asuba, ko daren Asabar idan an kawo wuta, sai kuma aiki ya taso ya yi mako biyar bai buɗe shafin ba. Idan ya dawo, jigon labarin yana nan a kansa daram. Abin da ya zube shi ne ƙananan abubuwa: shekarun yarinyar a babi na huɗu, sunan da uwar miji take kiran ta da shi, da wanda ya riga ya ji sirrin gidan. Mai karatu kuwa a kwana uku zai karanta abin da aka rubuta a shekara uku, saboda haka duk abin da marubuci ya manta, shi yana riƙe da shi.

Wannan ba ciwon sababbin marubuta ba ne kawai. Arthur Conan Doyle ya sa raunin harsashin Dakta Watson a kafaɗa a littafinsa na 1887, sai ga shi a ƙafa a na 1890, kuma har yau masu karatunsa ba su daina tsokaci a kai ba. Maganin da masu shirya wasanni masu dogon zango suka daɗe da kamawa shi ne wani kundi na daban da ake ajiyewa a gefen rubutun. Ni ina kiransa kundin labari. A fahimtata, aikinsa ba taƙaita labari ba ne. Aikinsa shi ne ajiye duk abin da rubutun ya riga ya faɗa wanda ba shi da damar sauyawa. Nawa shafi uku ne, kuma zan bi su da littafin da nake rubutawa, labarin Hajara, wadda aka haifa a Tsafe a 1985, aka kai ta aure Bunguɗu a 2003, ta haifi ɗanta na fari a 2005.

Shafi na farko jadawalin lokaci ne, kuma a nan marubucin Hausa yake da wata wahala ta musamman, domin mutanenmu da kalanda uku suke rayuwa. Akwai ta gwamnati, wadda makaranta da albashi suke bi. Akwai ta Musulunci, wadda azumi da Sallah suke bi. Akwai kuma ta manomi, wato damina da kaka da hunturu da bazara. Ta farko da ta uku tare suke tafiya, amma shekarar Musulunci ta gaza ta bature da kimanin kwana 11, don haka azumi yakan zagaye dukan yanayin shekara a cikin shekara 33 ko kusa da haka. Wanda ya zauna rubuta babin azumi zai jawo azumin da ya fi kusa da shi a tunani, ba wanda ya dace da shekarar babin ba.

Shi ya sa kowane babi nake ba shi layi guda a jadawalin, mai ɗauke da shekara, da watan Musulunci, da yanayin gari, da shekarun manyan taurari. Babi na huɗu ya faɗo ranar Talata 1 ga Oktoba 1996, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Hajara tana da shekara 11, kuma layin yana tuna mini cewa duk takardar da aka yi mata kafin wannan rana sunan Jihar Sakkwato za ta ɗauka. Babi na tara ya faɗo ranar Laraba 27 ga Oktoba 1999, ranar taron ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Taro ne na addini, hannu kuwa yakan so ya ƙara masa armashi da ƙishirwar azumi. Jadawalin ya ce a'a: watan Rajab ne, azumin bai kama ba sai cikin Disamba. Lokacin kaka ne, damina ta ɗauke. Hajara tana da shekara 14. Ba wanda zai kira gida ta wayar GSM, domin sai a 2001 ta shigo ƙasar, kuma mahaifinta ba zai zaro 'yar ɗari biyar ba, domin takardar kuɗi mafi girma a ranar ita ce ta naira 50.

Lissafin watan ba ya buƙatar gwaninta. A riƙe shekara guda da aka tabbatar, a ƙirga daga gare ta. Azumin 2021 ya kama ne wajen 13 ga Afrilu, a tsakiyar bazara. Babi na ashirin yana 2010, wato shekara 11 baya. Goma sha ɗaya sau goma sha ɗaya ya ba da kwana 121, kimanin wata huɗu, kuma idan ana komawa baya gaba azumin yake matsawa a kalandar bature. Sai mu faɗo wajen 11 ko 12 ga Agusta, tsakiyar damina. Ke nan a wannan babi Hajara ba za ta yi buɗa-baki cikin gumin bazara ba. Hadari ne a sama, gero yana tsaye a gona, mijinta kuma da azumi a bakinsa yake dawowa daga noma. Wannan lissafi wata yake bayarwa da mako, ba rana ba, tunda ganin wata kan sa a sami bambancin kwana ɗaya ko biyu. Idan babin yana buƙatar ainihin ranar, sai a nemi jaridar lokacin.

Shafi na biyu na mutane ne, amma ba tsawo da launin fata na fi damuwa da su ba. Abu biyu nake rubutawa. Na farko shi ne yadda kowa yake kiran kowa. A gidan Bahaushe suna ba guda ba ne. Hajara ba ta ambatar sunan mijinta, Malam take cewa. Ɗan farinta an sa masa sunan kakansa, saboda haka duk gidan Abba ake kiransa, ita kuwa ko Abban ba ta cika furtawa ba saboda alkunya. Uwar mijinta Inna ce a bakin kowa, kuma da harshen Zamfara take magana, munka da sunka, alhali ɗan jikanta da ya yi makaranta a Gusau yana cakuɗawa. Idan bayan hutun wata biyu Hajara ta buɗe baki ta kira mijinta da sunansa na yanka, mai karatu zai ɗauka da gangan ne, ya fara jiran rikicin da ba ya zuwa.

Abu na biyu shi ne wa ya san me, kuma tun yaushe. Wannan ne ya fi saurin ruɓewa a kai, domin marubuci ya san komai, yana kuma mantawa cewa mutanensa ba su sani ba. A littafin akwai gonar gado da aka sayar a ɓoye. A ƙarƙashinta na rubuta cewa Malam ya sani tun babi na 12, Inna ta ji a babi na 18 amma ta yi shiru, Hajara kuma ba za ta sani ba sai babi na 31. Wannan babi yana Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara. Hajara tana da shekara 36, Abba 16. Tunda babu waya, dole labarin ya taso daga Tsafe a bakin mutum, ya shiga mota, ya wuce Kwatarkwashi, ya ratsa Gusau, kafin ya isa Bunguɗu. Jinkirin nan shi ne ya ba babin ƙarfinsa, kuma jadawalin lokaci ne ya nuna mini shi. Alamar cewa wannan shafi ya lalace ita ce ka ga wani yana fushi a kan abin da ba a taɓa gaya masa ba, ko yana mamakin abin da ya ji tun babi shida da suka wuce.

Shafi na uku shi ne mafi gajarta, kuma minti goma na ƙarshen kowane zama nasa ne. Ina rubuta inda na tsaya, da abin da zai faru a fage na gaba cikin jimla biyu, da sababbin abubuwan da na tabbatar yau tare da lambar babinsu, da bashin da ke kaina. Bashi shi ne duk abin da na nuna wa mai karatu ban warware ba, kamar wasiƙar da Inna ta ɓoye a ƙasan adaka a babi na 18. Ranar da na dawo, wannan shafi nake fara karantawa, sannan babin ƙarshe, sai in ci gaba. Wanda ba shi da shi yakan koma babi na ɗaya don ya tuno, ya ɓige da gyaran jimloli, zaman ya ƙare bai ƙara layi ba. Da haka ake samun littafi mai babin farko kamar madubi, ba shi da babin ƙarshe.

Mai rubuta kundin digiri, a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko wani wuri, shafukan nan uku yake buƙata da wasu sunaye. Mutanensa su ne kalmominsa. Idan a babi na ɗaya ya ce matashi shi ne mai shekara 18 zuwa 35, ya rubuta haka a kundin, don kada babi na huɗu ya ƙirga 'yan shekara 15. Ya rubuta takardun tambaya nawa ya raba, nawa suka dawo, nawa ya yi aiki da su, domin lambobi uku ne daban, kuma wanda ya zo jarraba shi zai gwada su da juna. Ya kuma rubuta kowace shawara da malamin da ke duba aikin ya yanke, da ranarta da dalilinta.

Kundin yana da iyakarsa. Yana iya zama mafakar mai gudun rubutu, mutum ya cika shafi arba'in da tarihin kakannin taurari alhali babi na uku bai samu ba. Ka'idata ita ce ba abin da yake shiga kundin sai wanda ya riga ya shiga rubutun, ban da jadawalin lokaci, wanda shi tun farko ake gina shi. Haka kuma kundin da aka daina sabuntawa ya fi rashinsa haɗari, domin za ka amince da shi alhali ya tsufa. Idan ya saɓa da rubutun, a duba ko babin ya riga ya fita. In yana hannunka, zaɓi wanda ya fi kyau ka gyara ɗayan a zaman nan. In kuwa ka riga ka sake shi ga masu karatu, kamar yadda marubutanmu da yawa suke sakin labari kashi-kashi ta waya, to magana zarar bunu ce. Abin da suka karanta shi ne gaskiyar labarin, kundin ne zai bi shi.

Littafin rubutu mai shafi 60 ya isa, ko fayil guda a waya mai kwafi a wani wuri. Wanda ya riga ya yi nisa ba tare da kundi ba, ya ware zama biyu ya karanta abin da ya rubuta da biro a hannu, ba don gyara ba, yana kwashe kowace shekara da kowane suna da kowane sirri, da lambar babin da suka fito.