Me ya sa fim ke zama kamar bidiyon biki?

Da yawanmu a nan Agege mun sayi manyan talabijin, amma in mun kunna fim ɗin Indiya, sai mu ga kamar bidiyon biki ne aka ɗauko da waya. Laifin ba na fim ɗin ba ne. Ana ɗaukar fim da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, ita kuwa talabijin 60 ko 120 take iya nunawa, shi ya sa take ƙirƙiro nata hotunan tana cusawa a tsakani. Alamarsa: idan jarumi ya ruga da gudu, za mu ga wani hazo-hazo yana bin gefen kansa da hannayensa.

Mu ɗauki rimot mu shiga saitin hoto. A LG sunan abin TruMotion, a Samsung Auto Motion Plus ko Picture Clarity Settings, a Sony kuwa Motionflow. Mu mayar da shi Off. A talabijin da yawa sai an maimaita wa kowace kafa, don dikoda daban, filas daban.

Da farko motsin zai yi mana kamar yana ɗan tsalle, kafin ido ya saba. Ranar ƙwallo dai, mai so ya kunna abinsa.