Gyaran da Ya Ce a Bar Masa

Mu huɗu ne a wani ɗan ofis a Kano, muna rubuta manhajar lissafin kaya ga masu shaguna. Wata Asabar babbanmu ya tafi Zariya ɗaurin aure, ya ce a bar masa gyaran da ya fara sai ya dawo. Da la'asar aka kira mu aka ce mota ta kife da su. Kafin isha'i an kai shi makwancinsa.

Kwana ukun zaman makoki sun zo da sauƙi, domin ga jama'a, ga hidima. Wuyar tana jiran mu a ofis. Akwai wani umarni, `git blame`, da ke nuna wanda ya rubuta kowane layi na manhaja. Duk fayil ɗin da muka buɗe sai sunansa ya jeru a gefe, da kwanan wata.

Mun san za mu yi kewa. Tsoro ne ba wanda ya gaya mana zai zo. Waya ta yi ƙara da dare sai gabanmu ya faɗi. Iyali su yi lattin dawowa daga unguwa, mun riga mun jera kira biyar. Amma wannan tsoron yana da dalilin da muke iya nunawa, kuma yana tafiya. Tsakanin zuwansa muna cin abinci, muna aiki, wani lokaci har mu yi dariya sannan mu ji kunya. Zuwa arba'in tazarar ta faɗaɗa, daga kullum zuwa sau ɗaya ko biyu a mako.

Ƙaraminmu nasa ya bi wata hanya daban. A mako na biyar, yana cikin adaidaita sahu, zuciyarsa ta hau bugu, gumi ya karyo masa, numfashi ya ƙi isarsa, yatsunsa suka yi sanyi suna tsikari. Ya fara kalmar shahada. A asibiti aka auna hawan jini da sukari, aka yi gwajin zuciya, komai lafiya. Likitar ta ce farmakin firgici ne: jiki ya ɗauka akwai haɗari, ya shirya gudu. Saurin numfashin da mutum ke yi shi ke rage iskar kabon da ke cikin jini, daga nan jiri da tsikarin yatsu suke zuwa, su kuma su ƙara tsorata shi. Yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya sauka da kansa. Ta ce zuwansa sau ɗaya bayan irin wannan rashi ba ciwo ba ne, amma in ya maimaita ya dawo.

Ya maimaita, bai koma ba, mu kuma ba mu lura ba. Aikinmu ana iya yin sa daga gida, sai ya ce zai riƙa yi daga can. Aikinsa na shigowa a kan lokaci, har da ƙarfe ukun dare, muna yaba ƙwazonsa. Da ya taɓa yi mana zancen, cewa muka yi ya yi haƙuri ya yawaita addu'a. Gaskiya muka faɗa, amma shi abin da ya ji shi ne imaninsa ne ya yi rauni, sai ya yi shiru.

Yayarsa ce ta mayar da shi bayan wata biyu. Likitar ba ta tambayi tsananin tsoron ba. Cewa ta yi, "Malam, me ka daina yi tun da abin ya fara?" Ya daina shiga mota. Ya daina zuwa Juma'a saboda cunkoso. Ba ya barci sai an yi asuba. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi ke nan: farmaki yana maimaituwa ba gaira ba dalili, kuma mutum ya shafe wata guda ko fiye yana fargabar dawowarsa, yana ƙuntata rayuwarsa don guje masa. Mu namu tsoron raguwa yake yi, nasa kuwa kullum sai ya ci masa wani wuri.

Kewar kanta tana da nata ma'aunin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ta cikin abin da ke buƙatar kulawa idan ta wuce aƙalla wata shida da zafinta, ta zarce abin da al'adar mutum ta saba, tana hana shi harkokinsa. Abu biyu kuma ba a jira musu wata ko mako: tunanin kashe kai, da ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi, ko mai zuwa da suma.

An haɗa shi da masaniyar halayyar ɗan Adam. Ta koya masa jan numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, sannan ta sa ya koma abin da yake gudu kaɗan-kaɗan. Ranar farko daga ƙofar gida zuwa bakin titi kawai ya hau adaidaita, ɗayanmu na zaune kusa da shi. Mako shida kafin ya iso ofis shi kaɗai.

Shi ne ma ya ƙarasa gyaran da marigayi ya bari. Layi goma sha ɗaya ne suka rage.