Gizo-gizon da ya kusa kunyata mu

A hutun da ya wuce, mu uku da muke karatun Hausa a jami'a muka koma gida Bagudo, muka buɗe darasin yamma ga ƙannenmu 'yan sakandare. Wata rana wata yarinya da iyayenta suke zaune a Tsamiya, kusa da iyakar Benin, ta zo da wata waƙar bege da kakarta take rerawa. A wani baiti mawaƙin ya ambaci kogo da kurciya da saƙar gizo-gizo, bai faɗi sunan kowa ba, ya wuce. Ta tambaye mu daga ina ya ɗauko wannan.

Ba mu tsaya tunani ba muka ce mata daga Suratul Ankabut ne, tunda ankabut shi ne gizo-gizo da Larabci. Yara suka rubuta. Da dare muka ba wani dattijon malami na unguwarmu labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "'Ya'yana, kun buɗe surar kuwa?" Ba mu buɗe ba. Ya ce jingina wa Alƙur'ani abin da ba ya cikinsa ba ƙaramin abu ba ne, balle ga yara masu ɗaukar maganarmu hujja.

Abin da mawaƙin ya yi shi malaman balaga suke kira talmihi, wato ishara ga sanannen labari ba tare da an ba da shi ba. Ya bambanta da iƙtibasi, inda ake ɗauko lafazin aya ko hadisi a saka cikin baiti. Mai neman asalin ishara labari yake nema, kuma kalma ɗaya ba ta isa ta nuna masa hanya.

Washegari muka sake aikin daga tushe. Muka fara da jera alamomin guda uku, muka nemi labarin da ya haɗa su duka. Suratul Ankabut, aya ta 41, ta buga misali ne da raunin gidan gizo-gizo, babu kogo a cikinta. Suratul Kahfi tana da kogo, amma na samarin da suka yi dogon barci ne, tare da karensu. Labarin da ya tattara ukun shi ne Hijira ta shekarar 622, lokacin da Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar suka ɓuya kwana uku a kogon Sauru.

Daga nan muka duba Alƙur'ani da taimakon Mu'ujamul Mufaharas na Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, littafin da ya jera kowace kalma da ayoyin da ta zo. Muka sami kogon a Suratut Tauba, aya ta 40, wadda ta ambaci mutum biyu a cikinsa. Amma ayar ba ta ambaci saƙa ba, kurciya kuwa sunanta bai zo a Alƙur'ani ba sam.

Sai muka gangara zuwa hadisi da sira. Labarin saƙar yana cikin Musnad na Imamu Ahmad, daga Ibnu Abbas, kuma malamai sun saɓa kan ƙarfinsa: Ibnu Kasir ya kyautata isnadinsa, Albani ya raunana shi. Wannan riwaya ba ta kawo kurciya ba, ita a wasu riwayoyin sira take.

Malam ne ya nuna mana matakin ƙarshe. Ya ce mu tambayi kanmu me mawaƙin ya karanta a zaure. Alburda ta Imamu Busiri, mutumin Masar na ƙarni na 13, tana cikin waƙoƙin da almajiran ƙasar Hausa suke haddacewa, kuma ta haɗa kurciya da gizo-gizo a baiti guda, kurciya a gaba. Haka jerin yake a waƙar kakar yarinyar. Wannan alama ce mai ƙarfi, amma ba ta kai tabbaci ba, domin mai yiwuwa a bakin mai wa'azi ya ji labarin. Shi ya sa a rubutu ake cewa "da alama daga Alburda ya ɗauko".

Da yamma muka tsaya gaban yaran muka ce su soke amsar jiya, mun yi kuskure. Muka rubuta sabuwa a allo: kogon daga Suratut Tauba, saƙar daga hadisin da aka saɓa a kansa, haɗa ta da kurciya kuma da alama ta hanyar Alburda. Yarinyar ta ce za ta tambayi kakarta wa ya koya mata waƙar, kuma a wane gari. Mun ce ta rubuto mana amsar kafin mu koma makaranta, domin sanin malamin mawaƙi yakan nuna littafin da ya karanta.