Takardar da ke kwana a cikin jaka

Duk ɗalibin makarantar kuɗi ya san takardar nan da ake rabawa mako biyu ko uku bayan an koma hutu: ana tunatar da iyaye ranar ƙarshe ta biyan kuɗin zango, ga lambar asusun makaranta, ga hanyoyin biya. Da yawanmu mukan ninke ta mu cusa a jaka, sai ana gobe wa'adi mu tuna. Ni ma ban san nauyinta ba sai a dogon hutun jami'a, da na zauna ina taya kawuna aiki. Shi ne mai kula da harkokin mulki da kuɗi a wata makaranta a cikin garin Daura.

Hanya uku ya rubuta a takardar: a biya a banki a kawo tela, ko a yi tiransifa ta waya, ko a biya wajen mai POS. Ya ce mini tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 iyaye suka saba da na biyun ƙarshe, kuma daga nan rigima ta ƙaru. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Abin da yake gani a bayanin asusu shi ne sunan wanda ya turo kuɗi, ba sunan ɗalibi ba.

Ga abin da na gani da idona. Wani dattijo daga Mai'aduwa ya sayar da awaki biyu ranar Lahadi, ranar kasuwarsu, ya miƙa wa mai POS naira 45,000, kuɗin 'yarsa da ke aji biyu na ƙaramar sakandare. Ranar wa'adi sai ga sunanta cikin waɗanda ba su biya ba. Washegari ya iso ransa a ɓace.

"Malam, ni fa na biya. Don me za a ta da yarinya tsaye a gaban 'yan ajinsu?"

"Alhaji, yi haƙuri ka zauna. Kana da takardar da mai POS ya ba ka?"

Allah ya sa tana aljihu, duk ta yamutse. Kawu bai nemi sunan Alhaji a bayanin asusu ba, domin ba zai same shi ba. Ya duba rana, ya duba lokaci, sannan adadi. Sai ga kuɗi sun shigo ranar Lahadi da la'asar, da sunan shagon mai POS ɗin, amma naira 44,500. Ashe mutumin ya cire ladan aikinsa, naira 500, daga cikin kuɗin. Kwana huɗu kuɗin suna zaune ba a san na wane ne ba, ga shi adadin bai yi daidai da kuɗin kowane aji ba. Alhaji ya cika ɗari biyar, aka rubuta rasit, yarinya ta koma aji. Amma an riga an kira sunanta, kuma wannan ba ya gogewa. A ganina bai kamata a riƙa kiran sunayen a gaban aji ba. Na faɗa wa kawu, ya ce zai kai maganar gaban mai makarantar.

Da mai POS ya rubuta cikakken sunan yarinyar da ajinta a gurbin da waya ke nuna Narration ko Remark, da ba a kai ga haka ba. Wannan aikinku ne, tunda galibi ku ake miƙa wa waya a gida. Kafin a danna turawa, a tabbatar lambar asusun goma ce cif, kuma sunan makaranta ne ya fito, ba na wani mutum ba. Ladan mai POS a ba shi daban. Takardarsa kuma a ɗauki hotonta nan take, domin rubutunta kan dushe, musamman a zafi.

Alat na fitar kuɗi daga asusun Baba ba rasit ba ne. Wani lokaci kuɗi kan fita, su kasa isa, su dawo. Biya bai tabbata ba sai makaranta ta ba ku nata rasit.

Akwai kuma abin da ba ya cikin takardar. Zangon farko yana farawa a Satumba, lokacin da manomi a Sandamu ko Zango bai gama girbin gero ba, balle wake, kuma in ya sayar a kaka, da araha zai sayar. Makaranta ita ma da wannan kuɗin take biyan malamai a ƙarshen wata. Saboda haka kawu yakan yarda a biya kashi biyu, rabi yanzu, rabi bayan hutun tsakiyar zango, a rubuta a sa hannu. Sharaɗinsa ɗaya ne: uba ya zo kafin wa'adi. Bayan wa'adi jerin sunaye ya riga ya tafi wajen mai makarantar, kuma ba shi da ikon cire kowa.