Cinyar akuyar da Baba ya ci ba da haƙori ba

Yau ba labarin kasuwa ko na damina na zo da shi ba, zancen nama ne, ku yi haƙuri da ni.

Mahaifina ya tsufa, turamen haƙoransa duk sun zube. Shekara uku ke nan, kowace sallar layya a gidanmu na Sabon Maci haka take wucewa: a feɗe rago, a banƙare shi bisa sanduna, a jera kewaye da wuta tun hantsi har dare, gida ya cika da ƙamshi, shi kuwa mai gidan da ya sayi ragon sai a kawo mashi hanta da romo. Ba ya cewa komi. Sai dai in gan shi ya ɗauki tsoka, ya tsotsa, ya miƙa wa jika. Abin yana cin raina.

Bara waccan na ce zan gyara. Na samu cinyar akuya, irin jar akuyarmu ta Maradi, na sa a tukunya bisa garwashi. Da anka yi awa biyu na yanka na duba, babu jini, ciki ya yi fari. Na ce ta gasu, na sauke, na kai da alfahari. Wallahi kamar takalmin roba. Baba ya gwada sau ɗaya, ya ce Allah ya yi albarka, ya ture kwanon.

Wani tsohon mahauci abokinsa ne ya warware mani. Da na ba shi labari sai ya yi dariya ya ce: "Yaro, ka sauke ta daidai lokacin da ta fi tauri duk rayuwarta. Da ka ƙara mata awa ukku, da cokali za a ci ta."

Maganarsa ta tuna mani da darasin kimiyyar halitta da munka yi a lise. Cinya da karfata su ne gaɓoɓin da dabba ke tafiya da su, kuma akuyarmu ba ta kwana a turke, yini take yawon kiwo. Saboda haka naman wurin cike yake da jijiya, wadda littafi ke kira kolajen. In zafin cikin nama ya kai digiri 60 zuwa 70, tsoka takan ƙanƙance ta matse ruwanta waje, jijiyar kuma tana nan daram. Nan na sauke tawa. Amma in anka bar ta zafin ya ci gaba da hawa sannu-sannu zuwa wajen digiri 90, ya daɗe a can, jijiyar nan narkewa take, ta koma wannan danƙon da ke sa romon ƙafar sa ya daskare in ya huce. Shi ke sa nama ya saki ƙashi. Ƙara wuta ba ya gaggauta wannan aiki, baya ne kawai zai ƙone.

Bana na sake, tsohon na zaune bisa tabarma yana ba ni umurni. Cinyar ta yi kusan kilo 2. Abu na farko da ya duba shi ne kitse. Ya ce karfatar rago tana zuwa da manta, ko an yi mata sakaci ba ta bushewa, amma cinyar akuya ba ta da wannan gata. Sai ya sa na karɓo kitsen nan mai kama da raga da ke lulluɓe tumbi. Na tsattsaga cinyar da bakin wuƙa, na cusa tafarnuwa, na shafe ta da gishiri cokali babba ɗaya da ɗan ƙari, da citta, masoro da kimba kaɗan, sannan na naɗe ta cikin kitsen. Na miƙa hannu zan ɗauko yajin ƙuli, ya buge mani hannu. Ƙuli ba ya jure awa biyar bisa wuta, ɗaci yake yi. Sai an sauke ake barbaɗa shi.

Munka yanka albasa manya huɗu, munka shimfiɗa a gindin babbar tukunyar alminiyom, munka zuba ruwa kofin shayi na gilashi kamar shidda, yadda bai taɓa naman ba. Cinyar ta hau bisa albasar. Munka rufe, munka toshe bakin marfin da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta don kada tururi ya gudu.

Wuta ita ce dukan aikin, kuma nan na fi daɗewa ina koyo. Ba a son harshen wuta ko kaɗan. Gefe guda munka hura gawayin ƙirya, muna ɗibar garwashin da ya riga ya yi toka-toka. Kaɗan a ƙarƙashin tukunya, mafi yawa bisa marfi, don zafin da ke sauka daga sama ba ya ƙona gindi. Mai tanda ta gas a Maradi ko Yamai sai ya sa digiri 150 ya tafi harkarsa. Mu ba mu da ma'auni, sai kunne, kuma nan aikina na radiyo ya yi mani rana. Tsohon ya ce in kara kunne kusa da tukunya. In na ji tana ɓararraka kamar ana dafa wake, wuta ta yi yawa, in janye garwashi. In na ji "cuuu" mai kaifi irin na suya, ruwa ya ƙare, albasa za ta kama, in ƙara rabin kofi na ruwan zafi. In kuwa shiru ne gaba ɗaya, wuta ta mutu, kuma wannan ya fi haɗari, don nama ya zauna da ɗumi-ɗumi awa da awa cikin zafin ƙasarmu, ciwon ciki ake dafawa. Abin da ake nema ɗan gunaguni ne a hankali, ɓul, can kuma ɓul. Kusan kowane minti 40 sai na sabunta garwashi.

Munka ɗora da ƙarfe goma na safe. Da azahar ta kusa ƙamshi ya cika gida, yara sunka fara zarya, uwargida tana cewa ai ya isa haka nan. Na buɗe na soka cokali mai yatsu, ya shiga da ƙyar, naman ya tsuke ya janye daga ƙashin ƙwauri. Daidai inda na faɗi bara waccan. Zuciyata na cewa na sake ɓata nama. Tsohon bai ko ɗaga kai ba, ya ce: "Juya ta, rufe, tafi ka yi salla."

Ƙarfe ukku ya ce in kama ƙashin da tsumma in murɗa. Ya juya a hannuna kamar makulli cikin kwaɗo. Na ciro cinyar a hankali da faranti biyu don kada ta wargaje, na ɗora bisa ragar gashi minti goma baya ya yi ja, sannan munka rufe ta ta huta minti 20. Ruwan da ya rage a tukunya na kwashe man da ya taso sama, na dama albasar da ta narke a ciki, ya zama miya.

Gaskiya guda: tsakiyar tsokar cinyar ya ɗan fi bushewa, sai da miyar ta taimaka. Wajen gaɓa da ƙwauri, inda jijiya ta fi yawa, nan ne daɗin yake. Baɗi in Allah ya kai mu karfata zan ɗauka, ko ta rago ko ta akuyar.

Ƙwaurin na kai wa Baba. Ya sa yatsu biyu ya ɓara, ya kai baki, ya yi shiru yana mamula. Jikan nan da ya saba karɓar tsoka ya matso ya tsuguna gabansa yana jira. Baba ya dube shi ya ce: "Yau kam tafi wajen uwarka." Sannan ya ce a miƙo mashi yaji.