Muryar da ta ɓace a gyara

Wata mai sayar da yaji da daddawa ta nuna mini wasiƙar da ta rubuta wa kamfanin da ya gyara mata talla. Babu faɗa a ciki. Ta yi gaisuwa, ta gode, sannan ta ce, "Ranku ya daɗe, tallan ya yi kyau, amma ba ni ba ce a cikinsa." A nata rubutun na farko cewa ta yi, "Uwargida, ki ɗanɗana tukuna, in bai yi miki ba ki dawo mini da shi." Su kuma suka mayar da shi "kayan ƙamshi masu inganci domin gamsar da iyalinku", wai don ya shiga daƙiƙa 30 na rediyo. Sun cire "ki" sun sa "ku", don kada a bar kowa a baya, sai ya zama ba a yi wa kowa magana ba. Alkawarin karɓar kaya ma ya tafi, alhali shi ne abin da ke sa mace ta kunce bakin zaninta. Na daɗe ina juya wannan a rai. Masu gyaran ba mugunta suka yi ba, aikinsu ke nan su goge duk abin da ya yi tsini, kuma sau da yawa tsinin nan shi ne mutumin. Haka shekaru suke yi mana mu ma: makaranta ta rage wani abu, ofis ya rage wani, har wata rana ka ji kanka kana magana sumul, daidai, kamar kowa. Ita dai ta lura da wuri, ta roƙi a dawo mata da jimlarta guda, ko da za a cire kiɗan.