Buhun hatsi jika 15: yadda muka ji kunya

Mun taɓa yaɗa labarin da ya sa wani dattijo ya yi asarar kuɗin mota, kuma har yau abin yana damunmu.

Saƙon murya ne aka turo mana, wai buhun hatsi ya faɗo jika 15. Muka yi murna, muka rubuta "majiya mai tushe ta ce". Ran Juma'a dattijon ya taso daga ƙauye zuwa kasuwar Maraɗi da jika 30, da niyyar ɗaukar buhu biyu. Ya iske buhu ɗaya jika 28. Da ya kira mu bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi: "Yarana, wa ya faɗa muku?" Ba mu da amsa.

Da muka bi sawun saƙon, mutum bayan mutum, sai muka gano mai maganar bai yi ƙarya ba. Tun lokacin kaka ya yi ta, a wata kasuwar ƙauye, sa'ad da manoma ke fitar da sabon hatsi. Saƙon ya yi watanni yana yawo babu rana, babu sunan gari.

Abin haushin shi ne, ɗan lissafi ya isa ya tsai da mu. Buhu mai kilo 100 yana cin kusan tiya 40. In buhu jika 15 ne, tiya za ta kama wajen dala 75. A satin nan kuwa mu da kanmu dala 140 muka auno ta. Da mun haɗa biyun, da mun gane da sake.

Yanzu kafin mu faɗi farashi sai mun san kasuwar da ranar, mun san ko buhu mai kilo 100 ne ko 50, mun kuma san ko sefa ake nufi ko naira, tunda a bakin iyaka duka biyu na yawo. Muna kiran 'yan awo biyu da ba su san mun kira ɗayan ba, sannan mu gwada da alƙaluman SIMA, mai bin farashin cimaka a kasuwannin ƙasarmu. Mutum goma da suka turo saƙo ɗaya, shaida ɗaya ce.

Mun kuma daina cewa "majiya mai tushe". Muna rubutawa ne kamar haka: "Litinin, kasuwar Maraɗi, buhu mai kilo 100, daga bakin 'yan awo biyu da muka kira." Mai shakka zai iya zuwa ya tambaya da kansa.

Tsohon labarin ba mu share shi ba. Gyara muka sa a samansa, muka nemi afuwa. Dattijon ya yafe, amma har yanzu in mun faɗi farashi sai ya kira ya ce: "Na wace rana ne?"